Daga Saƙon Fushi Zuwa Takardar Ajiye Aiki: Yadda Kashiyar Banki Ke Fita Lafiya

Saƙon ajiye aiki na farko da ma'aikacin banki ke rubutawa ba a ofis ake rubuta shi ba. A waya ake rubuta shi, cikin dare, bayan an tashi daga lissafin kuɗin ranar da ya ƙi daidaituwa. Waɗanda suka zauna a kanta a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi, sun san irin daren: jama'a na zagi a gaba, manaja na faɗa a baya.

Mu ɗauki misalin wata kashiya a wani reshen banki a Kano, shekararta huɗu a kanta. An samu giɓin naira dubu hamsin a akwatinta, an cire daga albashinta, manaja kuma ya yi mata tsawa a gaban kwastomomi. Da dare ta rubuta wannan a WhatsApp: "Wallahi na gaji. Shekara huɗu ba ƙarin girma, kullum sai takwas na dare. Kun cire min dubu hamsin ba bincike, alhali kowa ya san wanda ke taɓa kuɗin. Kai azzalumi ne. Daga gobe ku nemi wata baiwar. Allah ya isa."

Ta yi sa'a, yayarta ta fara tura wa, wadda ta taɓa aiki a sashen kula da ma'aikata. Amsar da ta samu gajera ce: "Ƙanwata, kina da gaskiya a wasu wuraren, amma wannan fayil ɗinki zai shiga. Kada ki tura. Zo da takardar ɗaukarki aiki gobe."

Abin da suka fara gyarawa shi ne "daga gobe". Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tsara mafi ƙarancin notis: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Notis na mako ɗaya ko fiye kuma dole ya zama a rubuce. A lissafin doka mako biyu ne a kanta, sai dai takardar ɗaukarta ta ce wata ɗaya, kuma abin da ta sa wa hannu shi ke aiki. Da ta tafi washegari, da an bi ta bashin albashin wata guda a madadin notis. Mafi muni, kashiyar da ta ɓace daga kanta alhali ana maganar giɓi a akwatinta ta ba da ƙofar a rubuta cewa gudu ta yi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a aikin banki. Babban Bankin Najeriya yana riƙe da jerin sunayen ma'aikatan da aka kora saboda zamba ko rashin gaskiya, kuma bankuna na bincikar tarihin wanda za su ɗauka, har su tuntuɓi inda ya baro. Wadda ta fita ana zarginta tana iya ɗaukar shekaru tana wanke sunanta.

Daga nan suka kasa saƙon gida uku. Kashi na farko abin da ba a musu a kansa: ta yi shekara huɗu, kuma za ta tafi. Wannan ne kaɗai ya cancanci shiga takardar. Kashi na biyu ƙorafi mai tushe: cire kuɗi ba tare da an nuna mata sakamakon bincike ba, da daɗewa a ofis. Kashi na uku zagi da zargi: "azzalumi", "baiwa", da cewa kowa ya san ɓarawon.

Kashi na ukun ya fi haɗari. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa hoton allo ɗaya ya isa ya kai ta hedikwata, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar saƙonnin na'ura a kotu. Nuna wani da yatsa a kan sata ba hujja na iya juyewa ya zama ɓata suna. Idan kuwa da gaske ta san wanda ke taɓa kuɗin, tambayar da masu bincike za su fara yi mata ita ce me ya sa ta yi shiru. Bankuna suna da hanyar kai rahoton ɓarna a asirce, can ne wurin wannan maganar, tare da rana da adadi.

Kashi na biyu bai tafi kwandon shara ba. Ya zama wata takarda daban zuwa sashen ma'aikata, layi huɗu, tana neman a ba ta rahoton binciken giɓin da bayanin yadda aka yanke cire kuɗin. Raba su yana da dalili. Takardar ajiye aiki mai ɗauke da ƙorafi kan tsaya a teburin manaja ana muhawara a kanta, ita kuwa ta ƙorafi tana da nata masu amsawa, kuma idan abin ya kai ga Kotun Masana'antu ta Ƙasa, ita ce za ta nuna an nemi bayani cikin tsari.

Ga ma'anar abin da ya rage, wanda a ofis da Turanci za a buga shi:

"Yallaɓai, ina sanar da kai cewa na ajiye aikina na kashiya a wannan reshe. Bisa sharaɗin takardar ɗaukata, ina ba da notis na wata ɗaya daga yau, 3 ga Maris, kuma ranar aikina ta ƙarshe ita ce 3 ga Afrilu. Na gode da damar da na samu cikin shekara huɗu, musamman horon da aka ba ni kan gane jabun kuɗi da rufe lissafin rana. A shirye nake in miƙa akwatina, hatimina, katin shaida da duk abin da ke hannuna ga wanda aka zaɓa. Ina roƙon a sanar da ni matakan sallama da lissafin haƙƙoƙina. Ina yi wa reshen fatan alheri."

Kashiyar ta so ta cire godiyar, tana ganin munafunci ne. Yayar ta nuna mata cewa ba ta ce manaja mutumin kirki ne ba, ba ta ce ta ji daɗin zaman ba. Ta gode ne a kan abin da ta koya da gaske, ta kuma ambace shi da sunansa. Dalilin tafiya ma bai fito ba, domin ba dole ba ne a faɗa, haka sunan inda za ta koma.

Saura inda za a kai takardar. Kashiyoyi da yawa ba ma'aikatan bankin ba ne kai tsaye, wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke su ya tura su reshe. Wadda take haka, ga kamfanin za ta rubuta, ta ba manajan reshe kwafi. A kowane hali a buga kwafi biyu, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya, a tafi da shi gida. Imel ɗin ofis ana rufe shi ranar fita.

Watan notis shi ne lokacin rufe lissafi. Bashin ma'aikata, idan akwai, a tambayi ragowarsa a rubuce, domin sau da yawa ana cire shi daga kuɗin sallama ko a sauya sharuɗɗansa. Kuɗin fansho ba ya cikin wannan: ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 asusun na ma'aikaci ne, yana bin sa duk inda ya koma, amma yana da kyau a duba ko an zuba na watannin ƙarshe. A ranar ƙarshe kuma a ƙirga kuɗin akwati a gaban shugaban sashen kuɗi, a rubuta adadin a takardar miƙa aiki, su biyun su sa hannu.