Sharhin Ƙarya a Kan Shagonka a Google Maps

A ce mai gyaran waya ya wayi gari da tauraro ɗaya a shafinsa na Google Maps, wani ya rubuta cewa an sace masa batir ranar Juma'a, alhali shagon ba ya buɗewa ranar.

Kafin ya fusata, sai ya raba ra'ayi da ƙarya. Wanda ya ce aikin bai yi masa ba, ra'ayinsa ne, kuma Google ba zai goge shi ba. Kamfanin ma ba ya shiga tsakani don tantance mai gaskiya a saɓanin ciniki. Abin da yake cirewa shi ne sharhin da ya karya dokokinsa, kamar na wanda bai taɓa zuwa shagon ba, ko na abokin hamayya, ko na cin mutunci. Saboda haka ya duba littafin rasit. In babu wannan mutum a ciki, ya ɗauki hoton sharhin, tunda marubucin na iya sauya shi, sannan ya danna ɗigo ukun da ke gefensa, ya zaɓi Report review, ya nuna dokar da aka karya. Amsa kan ɗauki kwanaki, kuma in an ƙi, akwai damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya ta Google Business Profile.

Kafin nan, ya amsa a fili, a taƙaice: ba ma buɗewa ranar Juma'a, malam, amma ka zo da rasit mu duba. Masu karatu ake wa wannan amsa. Tara 'yan uwa su zuba yabon boge kuwa, wannan ma karya doka ne, kuma ana iya goge shi.