Me Ya Sa Gishirin Bilma Ke Jiran Rana?

Duk mai haɗa shayi ya san sukari ya fi saurin narkewa a ruwan zafi. Ba saurin ne kaɗai ke ƙaruwa ba, har da yawan abin da ruwan zai iya ɗauka. Giram 100 na ruwa mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salsiyos yana narkar da sukari kimanin giram 200, amma idan ya tafasa, sai ya ɗauki kusan giram 490. Shi ya sa ruwan sukari mai kauri, in ya huce, yakan fitar da ƙwayoyi a gindin kwano.

Gishiri kuwa halinsa daban. Wannan giram 100 na ruwa yana ɗaukar giram 36 a digiri 20, a tafashe kuma giram 39 kacal. Wato ko an tafasa ruwan gishiri an bar shi ya huce, giram 3 ne kawai zai kwanta, sauran na nan a narke. Hanya ɗaya ta rage: a raba shi da ruwan.

Abin da mutanen Bilma, a yankin Kawar na Nijar, suka daɗe suna yi ke nan. Suna haƙa ramuka, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya tsattsafo, ya narkar da gishirin da ke cikin ƙasar, rana da busasshiyar iskar Sahara kuma su yi ta shanye shi. Daga sama ruwa ke tashi, don haka faɗi ake nema, zurfi ba ya ƙara komai. A ɗauki fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Idan ruwan ya riga ya ƙoshi da gishiri, sannan ya ragu da santimita ɗaya, kusan lita 10 ke nan ta tashi, ta bar gishiri fiye da kilo 3. Kafin ya ƙoshi kuwa, ko ƙwaya ɗaya ba za a gani ba.

Wurin da ya fi burge ni shi ne ɓawon da ke tasowa. Saman ruwan ne ke fara ƙoshi, sai gishiri ya yi ɓawo siriri ya rufe shi kamar murfin tukunya. In aka bar shi, tururi ya rasa mafita, aikin ya yi sanyi. Don haka masu aikin ke farfasa shi a kai a kai, ya nutse, ƙwayoyin su girma a ƙasa.

Sanyi ma yana kawo tasa matsalar. Sinadarin da ke cikin kanwa, saɓanin gishiri, narkewarsa na raguwa ƙwarai in zafi ya sauka: kusan giram 22 a digiri 20, giram 7 a digiri 0. A ruwan da ya haɗa su biyun, sanyi kan sa kanwar ta kwanta ta cuɗu da gishirin, harshe kuma ya ji bauri. Tsabtataccen gishirin ci, wanda ake kira beza, amfanin lokacin zafi ne. Wanda ya gauraya da ƙasa kuma a cura shi a yi kantu, ayarin raƙuma ya kai shi kudu domin dabbobi.