Inbata, Batir da "Ƙarfin Wuta": Wace Kalma Za a Aro, Wace Za a Yi wa Bayani?

Gidaje da dama a Moriki, da Zurmi, da Shinkafi sun koma ga wutar sola, wasu don cajin waya da fanka, wasu don injin rijiyar burtsatse. Magidanci kan sayar da rago ko buhunan gero ya je Kaura Namoda ko Gusau ya sayo kaya, ya ɗauko yaro mai haɗa wuta. Cinikin da Hausa ake yin sa, amma duk abin da ke rubuce a jikin kayan Turanci ne. A tsakanin waɗannan biyun ne kuɗin mutane ke salwanta, kuma kalmar da ta fi jawo asarar ita ce "ƙarfi".

Wannan yanki ya daɗe da sanin yadda ake raɗa wa baƙon abu suna. Da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, Hausawa ba su tsaya jiran kwamiti ba. Suna da jirgi na kan ruwa, sai suka ce wa wannan jirgin ƙasa. Tasha da inji da direba kuwa aro su aka yi, aka lanƙwasa su yadda harshe zai iya, har Bazamfare ya wayi gari yana ce wa fanka hwanka kamar kakansa ne ya bar masa kalmar. Abin lura shi ne duk waɗannan abubuwa ne da ido ke gani. Idan abu yana da jiki, ana iya nuna shi da yatsa, to ko an aro sunan ko an ƙirƙira, ba wanda zai ruɗe.

Shi ya sa ba na ganin amfanin wahalar da kai wajen neman wa inbata sunan Hausa. Akwati ne, ga shi nan a jikin bango. Wani zai so a ce "na'urar sauya wutar batir zuwa wutar gida", kuma bayanin daidai ne, amma uwargida ba za ta tsaya jero wannan ba alhali abin yana ƙara cikin dare. Kuma ranar da ya lalace, mai gyara inbata ya sani. Haka batir da caja da soket. Shi ko faifan da ake shimfiɗawa a kan rufi, mutane da kansu suka ce masa farantin sola, kuma sunan ya zauna saboda ya yi kama da abin.

Matsalar tana wurin abin da ba a gani. Turanci ya raba ma'aunan lantarki: bolt, amfiya, wat. Mu kuma duka muna ce musu ƙarfin wuta. Idan mai shago ya ce "wannan ya fi ƙarfi", yana iya nufin inbatar za ta ɗauki kaya da yawa lokaci guda. Mai saye kuma ya ji cewa wutar za ta kai asuba. Ba wanda ya yi ƙarya, amma an rabu kowa da abin da ya fahimta.

A nan aron kalma kaɗai ba ya wadatarwa, domin wanda aka ce wa "wat" bai ƙaru da komai ba. Ƙirƙirar sabuwa ma ba ta da fa'ida, tunda a jikin batir 12V da 200Ah zai gani, ba kalmar da wani malami ya ƙirƙira ba. Abin da ya fi shi ne a aro sunan yadda ya dace da alamar da ke jikin kaya, sannan a yi masa bayani sau ɗaya da abin da kowa ya sani, wato tankin ruwa. Bolt shi ne yadda ruwan ke tunkuɗowa idan tankin yana sama. Amfiya shi ne yawan ruwan da ke bin bututu. Wat shi ne biyun a haɗe, wato yawan wutar da fanka ko talabijin ke sha a lokacin da suke aiki. Batir shi ne tankin, inbata kuwa bakin famfo ne. Faɗaɗa bakin famfo ba ya ƙara ruwan da ke cikin tanki.

Mu ɗauki gidan da ya sayi batir ɗaya mai 12V da 200Ah. Idan aka ninka 12 sau 200 za a samu 2,400, wato batirin na iya ba da wat 2,400 na tsawon awa ɗaya, ko wat 240 na awa goma. A takarda ke nan. Batir mai dalma, irin wanda aka fi sayarwa, bai kamata a riƙa shanye fiye da rabinsa ba idan ana son ya yi ƙarko, saura 1,200. Ita ma inbata tana cin nata rabon wajen sauya wutar, sai a ce 1,000 ya rage. To a gidan akwai fanka mai wat 60, da ƙwan fitila huɗu masu wat 10 kowanne, da talabijin mai wat 50. Jimla 150. A raba 1,000 da 150, an samu awa shida da minti arba'in. Wutar da aka kunna da magariba za ta kai wajen ƙarfe ɗaya na dare.

Maigida ya ga haka, sai ya koma kasuwa ya ce a ba shi inbata "mai ƙarfi", ya bar mai 1kVA ya sayo mai 1.5kVA. Awa shidan nan ba za ta ƙaru ba. Hasali ma yanzu inbatar za ta yarda a jona dutsen guga mai wat 1,000, wanda zai cinye rabon daren duka cikin awa ɗaya. Alamar gane inda matsalar take ba ta da wuya. Idan inbata ta yi ƙara ta mutu nan take da aka jona wani abu, kaya ne suka yi mata yawa. Idan kuwa tana aiki lafiya sai bayan wasu awanni ta mutu, tankin ne ƙarami, ko farantan ba sa cika shi da rana.

Akwai kuma wurin da bayani ya zama dole saboda haɗari: haɗa batura biyu. Masu aikin suna da sunayen Turanci na hanyoyin biyu, kuma yaran da ke koyo kan haddace su ba tare da sun rarrabe ba. Idan aka haɗa su jerin gwano, kan wannan mai alamar + zuwa kan wancan mai alamar −, bolt ne ke ninkuwa, 12 ya zama 24. Idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, + da +, − da −, bolt yana nan 12, tankin ne ya girma. Wanda ya jona 24 a inbata mai 12 yana iya ƙona ta. Ni a ganina jerin gwano da kafaɗa da kafaɗa sun fi aron Turancin, domin suna faɗa wa hannu abin da zai yi.

Ɗaliban lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda da Turanci suke karatu, amma da Hausa za su yi wa iyayensu bayani. Su da masu shaguna za su taimaka ƙwarai idan suka daina amsa tambayar "yana da ƙarfi?" da "ƙwarai kuwa". Mai saye ma yana iya raba tambayar gida biyu kafin ya ƙirga kuɗi: kaya nawa zai ɗauka lokaci guda, kuma awa nawa zai riƙe su. Ta farko inbata ce ke amsa ta, ta biyu batir da farantai.