Tambari Biyu, Shiru Na Mako Uku

Wata malamar firamare a Zariya ta tura wa aminiyarta saƙo uku a WhatsApp, ba ta samu amsa ba har mako uku. Kafin ta yanke cewa an juya mata baya, sai ta duba tambarin da ke ƙasan saƙonnin. Tambari ɗaya na nufin saƙon ya fita amma bai isa wayar ba. Wataƙila data ta ƙare ko wayar ta ɓace. Biyu masu toka na nufin ya isa. Shuɗi na nufin an buɗe, sai dai wasu na kashe wannan alamar.

Nata biyu ne masu toka, wato wayar na aiki. Maimakon saƙo na huɗu mai cewa "kin manta da ni", wanda ke sa mai jin kunya ta ƙara ɓuya, ta rubuta layi ɗaya: "Ina gaishe ki, Allah ya sa lafiya." Ba tambaya, ba ƙorafi.

Daga nan ta ajiye waya, ta tambayi ƙanwar aminiyar. Ashe mahaifiyarsu ce ke kwance a asibiti. Washegari ta tafi dubiya da kanta.