Injin casar shinkafa a Tambuwal da Kebbe: lissafin da ke nuna ko jari zai dawo ko zai nutse

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa Dogon Daji da Tambuwal ya san cewa shinkafa tana cikin abincin da yankin ke nomawa, haka ma a fadamun ƙaramar hukumar Kebbe. Shi ya sa maganar kafa injin casa ba ta rasa masu goyon baya, ko daga bakin ɗan takara ta fito ko daga ƙungiyar manoma. Sai dai alƙawarin riba yana dogara ne kan abubuwa biyu da babu mai iko da su: yawan buhunan da za a sayar, da farashin kowane buhu.

Tarihin kwanan nan ya nuna haka. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, sannan a Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, lamarin da ya sa masu jari suka ruga harkar casa. A Yulin 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. A 2025 farashi ya sauko, masu injina suka shiga kokawa.

Kuɗin gobe a ma'aunin yau

Ma'aunin da masana harkar kuɗi ke kira NPV yana amsa tambaya ɗaya: idan aka mayar da duk kuɗin da aiki zai kawo nan gaba zuwa darajarsu ta yau, aka cire jarin da aka zuba, me ya rage? Dole a rage darajar kuɗin gaba domin jari yana da tsada. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari.

Ga misali, da alƙaluman da aka ƙaddara domin bayani kawai. Wata ƙungiya za ta kafa inji a Tambuwal da naira miliyan 100, ta riƙa sayen samfarera daga Kebbe, injin ya yi aiki shekara biyar. Tana sa ran sayar da buhu 10,000 a shekara, kowanne naira 60,000. Samfarera da man dizal da buhu da dako suna cin naira 53,000 a kowane buhu, wato ratar da ke saura naira 7,000 ce. Albashi da gadi da gyara kuwa naira miliyan 20 ne a shekara, ko an yi casa ko ba a yi ba.

Ratar buhu 10,000 ta kama naira miliyan 70. A cire miliyan 20, saura miliyan 50 kowace shekara. Idan tsadar jari kashi 25 ce, naira ɗaya da za ta riƙa shigowa duk shekara har shekara biyar ba naira biyar ba ce a yau, kimanin naira 2.69 ce. Saboda haka miliyan 50 ɗin nan sun zama kusan miliyan 134.5. A cire jari, NPV ya tsaya a miliyan 34.5. A takarda, aikin ya ci jarrabawa.

A taɓa ɗaya, a bar sauran

Gwajin farko shi ne a sauya abu ɗaya a ga yadda sakamako zai motsa. Idan ciniki ya ragu da kashi 10, aka sayar da buhu 9,000, kuɗin shekara zai koma miliyan 43, NPV ya sauka zuwa kusan miliyan 15.6. An ji jiki, amma jari ya dawo.

Idan kuwa farashi ne ya sauka da kashi 10, buhu ya koma naira 54,000, ratar za ta zama naira 1,000 kacal. Miliyan 10 ke nan a shekara, wanda rabin kuɗin albashi da gadi da gyara ne kawai: injin zai riƙa asarar miliyan 10 duk shekara, ban da jarin da ya tafi. Dalilin bambancin a fili yake. Buhun da ba a sayar ba, ba a sayi samfarerarsa ba, don haka ratarsa kawai aka rasa. Amma kowace naira da ta zube daga farashi, daga cikin ratar nan ta 7,000 take fita kai tsaye, a kan kowane buhu.

Iyakar da ba riba ba faɗuwa

Gwaji na biyu yana juya tambayar: zuwa ina abu zai lalace kafin NPV ya zama sifili? A raba jarin miliyan 100 da 2.69, za a ga injin yana buƙatar kimanin miliyan 37.2 a shekara. A haɗa da miliyan 20 na albashi da gyara, dole ratar buhuna ta tara miliyan 57.2. A kan naira 7,000, wannan buhu 8,170 ne, wato ciniki zai iya raguwa da kashi 18 kafin a kai gaɓa. Ta fuskar farashi kuwa, a buhu 10,000 ratar da ake buƙata naira 5,720 ce, wato farashin naira 58,720. Saukar naira 1,280 kaɗai, kusan kashi 2 cikin ɗari, ta isa ta cinye ribar aikin gaba ɗaya.

A nan ne ake yawan ruɗar jama'a. Akanta zai iya raba jarin gida biyar, ya rubuta miliyan 20 a shekara a matsayin tsufan inji, ya ce buhu 5,714 sun isa a fita daga asara. Lissafinsa bai sa tsadar jari ba. Injin da ke sayar da buhu 7,000 zai nuna riba a littafi, alhali masu jarin, ko baitulmali idan kuɗin gwamnati ne, suna tafka asara a hankali.

Inda gwajin ke da rauni

Matsala ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Idan shinkafar waje ta cika kasuwa, farashi da ciniki tare suke sauka. A misalin nan, saukar farashi da kashi 2 ita kaɗai ta bar NPV a kusan miliyan 2.2, raguwar ciniki da kashi 10 ta bar shi a 15.6. Idan suka haɗu, kuɗin shekara zai zama miliyan 32.2, NPV ya koma asarar kusan miliyan 13.4.

Akwai kuma abin da ke sassautawa: idan shinkafa ta yi araha, samfarera ma takan bi ta, ratar ta ɗan farfaɗo. Amma wannan ba ya ceton wanda ya cika rumbu da kaka a farashi mai tsada, kasuwa ta karye bayan wata uku. Saboda haka abin lura na gaskiya shi ne tazarar da ke tsakanin farashin samfarera da na casasshiyar shinkafa. Misalin ya kuma bar haraji da kuɗin ajiye kaya a waje, kuma dukansu ƙara matse ratar suke yi.

Idan aka kawo wa mutanen mazaɓar Kebbe da Tambuwal irin wannan aiki, musamman da kuɗin jama'a, tambayoyi uku sun isa a gane ko an yi lissafi. Buhu nawa ne iyakar da jari zai dawo, kuma an sa tsadar jari a ciki? Wane farashi ne ƙasa da shi aikin ya faɗi, kuma sau nawa kasuwa ta motsa fiye da haka a shekaru uku da suka wuce? Wa zai ɗauki asarar idan farashi da ciniki suka faɗi tare? Takardar aikin da ta kawo adadin riba guda ɗaya tak ba ta amsa ko ɗaya daga cikinsu ba.