Yadda Ake Amsa Takardar Tuhuma A Wurin Aiki

A yawancin kamfanoni da bankuna da ma'aikatun gwamnati na ƙasar nan, kafin a hukunta ma'aikaci a kan wani laifi sai an ba shi takardar tuhuma, wadda ke bayyana abin da ake zarginsa da shi, ta kuma nemi ya kare kansa a rubuce. Kamfanoni masu zaman kansu sukan ba da wa'adin awa 24 ko 48. Mutane da dama suna ɗaukar wannan takarda kamar sharar fage ce kawai, suna zaton za a kira su gaban kwamiti su yi bayani da baki. Wannan zato yana da hatsari.

A shekarar 2011, a shari'ar Imonikhe da Bankin Unity, Kotun Ƙoli ta nuna cewa idan an ba ma'aikaci takardar tuhuma, ya kuma amsa ta kafin a yanke hukunci, to an cika sharaɗin jin ta bakinsa. Ma'anar wannan ita ce, amsar da mutum ya rubuta cikin kwana biyu tana iya zama ita kaɗai ce kariyar da zai samu. Idan kuwa magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un ƙwadago, wannan amsar tana cikin takardun da alƙali zai duba. Saboda haka mai rubutu ya sa a ransa cewa wanda zai karanta amsarsa nan gaba baƙo ne, bai san shi ba, bai san shugabansa ba, abin da ke kan takarda kurum zai gani.

Bari mu ɗauki misali. Wani mai kula da sito a wani kamfanin sayar da kayan masarufi a Legas ya sami takardar tuhuma ranar 10 ga Maris. Takardar ta ce littafin sito ya nuna an karɓi buhun sukari 600, an fitar da 520, ke nan ya kamata a tarar da 80, amma da aka yi ƙidaya ranar 9 ga wata buhu 40 kawai aka samu. An ba shi awa 48 ya bayyana dalilin da zai hana a hukunta shi a kan sakaci da karkatar da kayan kamfani.

Matakin farko shi ne ya karɓi takardar, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata da lokacin da ta zo hannunsa. Sa hannu a nan shaidar karɓa ce kawai, bai nuna amincewa da laifi. Ƙin karɓa ko ƙin amsawa kuwa laifi ne na daban, wato rashin biyayya, kuma yana ba kamfani damar yanke hukunci ba tare da ta bakinsa ba. Idan wa'adin ya yi kaɗan, ko kuma takardun da zai dogara da su suna hannun ofishin akanta, sai ya nemi ƙarin lokaci da damar ganinsu a rubuce, tun kafin wa'adin ya cika. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi cewa takardar tuhuma ta faɗi yadda laifin ya auku, da dokar da aka karya, da hukuncin da ka iya biyo baya, kuma a manyan laifuffuka a bar ma'aikaci ya ga takardun da aka kafa hujja da su a kansa. Ma'aikacin kamfani shi kuma sai ya duba takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idojin kamfanin.

Mataki na biyu shi ne rarrabe zarge-zargen. A misalinmu guda biyu ne, kuma nauyinsu ya bambanta: sakaci yana iya ƙarewa da gargaɗi, karkatar da kaya kuwa yana kai wa ga kora, har ma da ofishin 'yan sanda. Amsa mai kyau tana ɗaukar kowane ɗaya ta bi shi da lissafi. Ga yadda jigon amsar zai kasance:

"Ranka ya daɗe, na karɓi takardarka ta ranar 10 ga Maris da ƙarfe 11 na safe. Game da buhu 40 da ba a gani ba, ga bayaninsu. Buhu 30 sun fita ranar 7 ga Maris zuwa reshenmu na Ibadan bisa umurnin manajan ciniki, a kan takardar rakiyar kaya mai lamba 214, wadda direba da mai gadin ƙofa suka sa wa hannu. Buhu 10 kuma ruwa ya jiƙa su ranar 3 ga Maris, an ware su a ɗakin lalatattun kaya, na kuma sanar da ofishinka a rubuce washegari. Na haɗo kwafen takardun biyu. Ban shigar da buhu 30 ɗin a littafin sito a ranar da suka fita ba, sai ranar 10 ga wata, wannan jinkiri kuwa daga gare ni yake. Amma babu buhu ko ɗaya da ya bar hannun kamfani ba bisa ƙa'ida ba."

Mai karatu zai lura cewa 30 da 10 sun cika 40 daidai, kuma kowace magana tana da takarda ko mutumin da za a iya tambaya. Haka nan ma'aikacin ya amsa ƙaramin kuskuren da littafi zai tona ko da ya musa, ya kuma tsaya a nan. Wannan iyaka tana da muhimmanci, domin da yawa cikin ma'aikata, saboda tsoro ko ladabi, sukan buɗe amsarsu da neman gafara a kan "duk abin da ya faru". A idon kwamitin ladabtarwa irin wannan jimla amsa laifi ce gaba ɗaya, har da satar da mutum bai yi ba.

Kuskure na biyu da aka fi yi shi ne rubutu cikin fushi. Mutum ya cika shafi uku yana cewa shugabansa ya tsane shi, ko ana yi masa haka ne don ƙabilarsa, ko ya lissafa laifuffukan abokan aikinsa, amma bai taɓa maganar buhunan ba. Zargin yana nan bai amsu ba, ga shi kuma ya jawo wa kansa sabuwar tuhuma ta rashin ɗa'a. Idan da gaske akwai ƙorafi a kan shugaba, to a rubuta shi a takarda ta daban zuwa ofishin kula da ma'aikata. Haka kuma kada a ƙirƙiri kwanan wata ko a gyara littafi a ɓoye bayan tuhuma ta fito, gama ƙarya ɗaya da aka kama tana rushe sauran gaskiyar da ke cikin amsar.

Da yake a Turanci ake rubuta irin waɗannan takardu, wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya neman wani ya taimaka masa, amma lalle a karanta masa a fassara masa kowace jimla kafin ya sa hannu. Idan zargin ya shafi kuɗi ko sata, ya kyautu lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ya duba amsar tukuna.

Daga ƙarshe, a miƙa amsar cikin wa'adi ta hanyar da takardar ta ambata, a kuma riƙe kwafe guda wanda sakatare ya buga wa hatimin karɓa da kwanan wata. A ajiye wannan kwafen a gida, domin wanda aka dakatar daga aiki ba kasafai ake barinsa ya koma teburinsa ya ɗauki takarda ba.