Rigar 1960, Fuskar Bana

Wani aiki da ake yawan kai wa masu gyaran hoto yanzu shi ne mutum ya miƙa hotonsa sanye da shat, ya ce a sa masa babbar riga da hula irin na zamanin Sardauna, amma kada a taɓa masa fuska. Rigar takan fito da kyau, sai mai hoton ya duba ya ga kamar ƙaninsa ne.

Dalilin yana cikin yadda manhajar ke aiki. Stable Diffusion, wadda ta fito a 2022, takan watsa wa hoto dishi-dishi, sannan ta sake zana shi bisa bayanin da aka rubuta mata. Duk inda dishi-dishin ya taɓa sai ya canja. Idan aka ba ta hoton gaba ɗaya, hanci zai sirance, wushirya ta toshe, tsagar gado ta ɓace, domin a wurinta tabo ne da ya kamata a goge. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, don tsagar ce ke faɗin gidan da mutum ya fito.

Maganin shi ne a hana ta isa ga fuskar. A sashen Inpaint, mai gyara zai shafe jiki daga wuya zuwa ƙasa, ya bar fuska. Shafen ya zarce faɗin shat ɗin sosai, saboda babbar riga tana bazuwa ta kafaɗu, in ba a ba ta fili ba sai ta fito a matse kamar kaftani. Wurin hula kuwa, a tsaya can sama da gira.

Sai ma'aunin Denoising strength, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 1. A wajen 0.4, kwalar tsohuwar shat da maɓallanta za su riƙa leƙowa ta cikin sabuwar riga. Kusa da 1, jikin kan sauya tsayuwa, kai yana kallon gabas, ƙirji yana kallon yamma. Wajen 0.75 ake farawa, a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan.

A wuya asiri ke tonuwa. Idan launin fata ya rabu gida biyu a ƙarƙashin haɓa, a ƙara Mask blur. A kuma duba haske: in ya bugi kuncin hagu, inuwar rigar ta faɗi dama.

Manhajar ba ta ga hotunan tufafinmu da yawa ba, shi ya sa takan ba da jallabiya in an nemi babbar riga, aikin aska takwas kuma ta mai da shi zanen da babu maɗinkin Zariya da zai amsa nasa ne. Gara a nuna mata hoton riga ta gaske ta kwaikwaya.

Launin baƙi da fari na tsohon hoto kuwa, a bar shi sai ƙarshe, a sa wa hoton duka da manhajar gyara ta yau da kullum, don fuska da riga su tsufa tare.